Garin Kunun da Na Aika Tsallaken Iyaka

Shekarar da aka yi yunwa a Nijar na yaye ɗana na fari, kuma da na san abin da ke tafe da na bar shi a nono har ya iya ɗaukar buhu.

A lokacin muna haya a Magama, bakin iyaka, bayan sitocin hatsi. Ni haifaffiyar Jibiya ce. Maigidana kuwa mutumin wani ƙauye ne can gaba da Ɗan Isa, cikin ƙasar Maraɗi, kuma dako yake yi. Ya sauke daga motar Najeriya, ya loda wa kamyon Nijar, ya dawo gida da ƙaiƙayi a wuya. Akwai wani Alhaji mai sito da ya fi yi wa aiki, kusan a ce shi ne ubangidansa.

Alhajin nan ba zan ci namansa ba, mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya kusa gamawa da ni. Kafin a ƙaddamar da Shari'a kowa ya san yadda ake cika buhu a kasuwarmu: mai kyau a baki, mai kyau a gindi, tarkacen a tsakiya. Da aka shiga wa'azi a kan tauye mudu da algus, wasu suka saurara da kunne ɗaya, suka sayi doguwar carbi suka ci gaba da halinsu. Shi Alhaji abin ya shige shi sosai. Ya ce ba zai ƙara sayar wa Musulmi abin da shi da kansa zai yamutsa fuska in an ba shi ba. Ya sa aka riƙa kiran mu, matan 'yan dako, mu zauna a rumfar sito da faifai muna tsinta. Mai kyau ya koma buhu a ɗinke. Tsintar kuwa, tunda zubar da abinci ma laifi ne, sai ya ce mu kwashe, ban da ladan aikinmu. Muka yi ta sa masa albarka, ni ce ma mai babbar murya a ciki.

A daminar nan aka kawo masa masara daga kudu za a wuce da ita Nijar. Motar ta kwana ta wuni a layin iyaka ana jayayya a kan takarda, ga marka, ga tamfal a yage. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka dawo da kayan sito. Ranar da aka farke buhunan, ɗumi ne ya fara bugun hannuna, kamar na sa shi cikin tuwon da bai huce ba, sannan warin ya biyo, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Wasu ƙwayoyin sun yi ɗigo-ɗigon baƙi, wasu sun dunƙule da wata ƙura kore-kore mai ruwan ɗorawa. Ga kuma tsohuwar gyaɗa da aka jingine jikin bango inda rufi ke yoyo, ta yi hunhuna, wasu sun motse, wasu in ka fasa cikin ya yi duhu. Tsintar wannan karon ta yi yawa har da jaki aka kai mini rabona gida.

Yaron kuwa yana wajen kakarsa. Haka al'ada take: in za a yaye yaro a kai shi gidan kaka, ta yi ta lallashinsa da kunu har ya manta da nono, uwa kuma ta kame kanta kada ta leƙa, don in ya gan ta an koma gidan jiya. Balle ɗan fari, wanda ko sunansa ban isa in kama ba, ko a gaban mutane ya faɗi sai in kau da kai wata ta ɗauke shi. Surukata da kanta ta zo ta goya shi ta tsallaka, tana ta tsokanarsa wai ta samu sabon maigida, tsohon ya huta.

Sai dai mun san babu komai a rumbunsu. Fari ya ci gonarsu bara, ɗan abin da ya saura fara ta lashe, mutanen ƙauyen sun koma ganyen tafasa da anza. To, da me za a dama wa yaro kunu? Na zauna na sake tsince tsintar, na ware wanda ya fi dama-dama. Masarar na surfa ta, na wanke har ruwan ya fita fes, na shanya ranar da aka samu rana, na kai injin. Gyaɗar ma na wanke, na soya har gidan ya ɗauki ƙamshi, na murje ɓawon, na daka ta lukui. Na shinshina, na sake shinshinawa, babu ko alamar warin nan. Na ɗanɗana, akwai ɗan ɗaci can ƙasan harshe, na ce tsamiya za ta kashe shi. Na ƙulle garin daban, gyaɗar daban, maigidana ya ba wani direba ɗan garinsu ya kai. Ranar har barci na yi mai daɗi, ina jin na yi abin da uwa ke yi.

Dusar surfen da baƙaƙen da ba su ciwuwa kuwa agwagina na riƙa zuba wa. Ina da uwa guda da ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun fara yin wayo suna bin ta kududdufin bayan gida.

Wajen mako biyu da aika garin na lura 'yan agwagin sun daina rububin abinci. Sai su tsaya su yi jugum, in sun taka su yi tangaɗi. Wata safiya na fito na tarar da biyu a miƙe, wuya ya sanƙare ya koma baya, ƙafafu sun yi shuɗi-shuɗi. Kafin hantsi na uku ya faɗi a gabana yana shure-shure. Ni da bakina ba ya shiru, na fara zagin maƙwabta ta kan katanga, na ce wanda ya zuba wa dabbobina maganin ɓera ban yafe ba duniya da lahira.

Hayaniyar ce ta fito da maƙwabcinmu, wani malamin dabbobi da ke aiki a wurin duba shanu na bakin iyaka. Ya yi sallama daga zaure, na saka hijabi na kai masa gawar ɗaya a cikin kwano, ina ci gaba da faɗa. Ya sa reza ya buɗe cikin, ya nuna mini hantar. Na yi ta fiɗar kaji tun ina yarinya, na san hanta ja ce mai sheƙi. Wannan ta kumbura, ta koɗe, ta yi kalar man shanu. Ya tambayi abin da nake ba su, na ɗebo masa a tafin hannu. Yana kai shi hanci ya ɗago ya dube ni.

Ya ce ba maganin ɓera ba ne, in nemi gafarar maƙwabtana. Hunhunar da ke kama masara da gyaɗa in sun ji danshi da zafi, wani irinta yana fitar da guba, sunanta afalatoksin, kuma hanta take ci. 'Yan agwagi sun fi kowace dabba saurin faɗuwa, shi ya sa suka riga kowa. Ya ce ba zai rantse ba sai an kai awo, wurin awon kuma ba a kusa yake ba, amma shi da wannan hantar da wannan warin ba zai bai wa ko akuyar maƙiyinsa ba. Ya ƙara da cewa tsinta dai ita ce matattarar abin, domin duk gubar da ke warwatse cikin buhu goma mu muka zauna da hannunmu muka tara ta wuri guda.

Na yi dariyar yaƙe. Na ce ai su danye suka ci, na mutane kuwa na wanke, na shanya, na soya, kuma dafawa ake yi.

Ya ce, "Malama, wuta ba ta kashe ta. Ki soya, ki tafasa, tana nan. Surfe da wanki suna rage ta masara, ba su raba ta da ita. Warin ne kawai kika wanke. Wa ya ci?"

Na ce mu mun yi tuwo da ita sau kaɗan, maigidan ya ce tana masa ɗaci muka bari. Ya ce babba mai ƙarfi da ya ci kaɗan, da sauƙi in Allah ya so, kada dai a ƙara. Wanda ake ji wa tsoro shi ne ƙaramin yaro da ke ci kullum, ba ya haɗawa da komai. Ya tambaya ko akwai yaro a gidan.

Kunya ta hana ni cewa ɗana, sai na ji bakina yana cewa akwai wani yaro a ƙauye, ana yaye shi, shi ake dama wa. Malamin ya ajiye rezar. Ya ce in duba farin idonsa da rana ko ya yi rawaya kamar mai shawara, in duba ƙafafunsa da cikinsa ko sun kumbura, in tambaya ko yana amai. Ko da na ga alama ko ban gani ba, a daina ba shi yau, ba gobe ba, a kai shi asibiti.

Na iske maigidana a bakin sito da buhu a ka. Ban taɓa zuwa wurin aikinsa in kira shi a gaban maza ba sai ranar. Ya saurare ni yana share gumi, ya ce agwagwa daban mutum daban, shi tun yana yaro yake cin hatsin da ya fi wannan lalacewa ga shi nan yana ɗaukar abin da jaki ke ƙi. Ya ce in na faɗa wa uwarsa gida ba zato, me zan ce mata? Ba ta iya riƙon yaro ba? Kuma yaye zai warware, a yi mana dariya. Jibi akwai motar garinsu, zai ba da saƙo. Ba mugunta ba ce, na ga tsoron a idonsa, yana dai neman inda zai ajiye shi ne zuwa jibi. Na ce masa jibi kwano shida ne na kunu. In ya ga dama ya sake ni in na dawo, amma tafiya kam na tafi. Bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba, ya dai cusa hannu a aljihu ya miƙo mini kuɗin mota yana kallon wani wuri.

Na biya na sayi gero mudu guda mai kyau, don na san ba a shiga gidan yunwa a karɓe abinci hannu rabbana. Mota ba ta cika ba, ni kuma ba zan iya zaman jira ba, sai na tare ɗan kabu-kabu. Lokacin kuwa ana tsakiyar wa'azi a kan mace ta hau babur bayan namijin da ba nata ba. Wani dattijo a bakin shinge ya fara yi mini nasiha, na ce Baba ka riƙe ta in na dawo na karɓa. Ma'aikatan ɓangarenmu sun saba ganina, ban tsaya ba. A wajen duwan, wato kwastan na Nijar, aka kwance ƙullin geron aka tona da yatsa, wani jandarma yana tambayata takarda, ina zuwa, wurin wa, kamar wanda aka biya ya ɓata mini rana. Na ce masa ɗana ba shi da lafiya. Ranar na fara furta kalmar da bakina, ga baƙo kuma, mai bindiga.

Hanyar nan na sha bin ta, amma ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Bayan Ɗan Isa muka sauka daga kwalta, babur yana zamewa cikin laka, gero kore shar hagu da dama wanda bai isa ci ba. Duk abin da nake gani a idona wuyan 'yan agwagin nan ne da ya koma baya. Sai na shiga yi wa kaina lissafin banza. Gida ne mai mutane da yawa, ga jikoki, ga matan ƙanne, ga yunwa. Ba yadda za a yi a bar wa yaro guda garin nan. An raba, kowa ya lasa, ya ƙare cikin kwana uku, nasa kason bai taka kara ya karya ba. Wallahi har addu'a na yi Allah ya sa surukata ta ci amanata. Allah ya sa ta sayar, Allah ya sa ɓeraye sun fasa, Allah ya sa direban ya karkatar da shi gidansa. Na roƙa wa 'ya'yan wasu abin da nake gudar wa nawa, kuma a lokacin ko gezau ban ji ba.

Da la'asar muka isa. Na shiga da sallama. Surukata tana zaune bakin murhu, ta rame har na kusa ban gane ta ba, wuyanta duk jijiya. Tana ganina ta yi salati, ta ɗauka ɗanta ne ya mutu. Na ce lafiya lau yake, na durƙusa na gaishe ta, don ko gobara ake yi ba a tsallake gaisuwar suruka. Ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi ruwa, ina amsawa idona yana kan 'yar tukunyar da ke wuta da ludayi a ciki. Ƙamshin soyayyar gyaɗata ne ya cika gidan.

Ta lura da inda nake kallo, sai ta yi murmushi, ta ɗauka rowa ce ta kawo ni bin sawu.

Ta ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Garin ga da kika aiko, ko ludayi guda ba wanda ya taɓa. A ƙarƙashin gadona nike aje shi. Sauran yara sun yi kuka sun gaji, na ce na maigidana ne. Ni kaina ban lasa ba, sai in ji zahi a bayan hannu. Safe, rana, dare, shi kaɗai ka sha."

Ta ɗaga murya ta ce a fito da angon ya ga baƙuwa. Tana ta ba ni labari, wai kwana biyun nan ya ɗan yi ƙyuya, yana sha yana mayarwa, amma haƙori ne, ita ta san haƙori. Sai ta riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan don kada ya rame a ce ba ta iya ba. Kuma in duba da kyau in gani, duk garin nan ba yaron da ya yi ƙiba a bana sai shi, har ƙafa ta cika.

Wata yarinya ta fito da shi a kafaɗa. Bai yi kuka ba da ya gan ni, bai miƙo hannu ba, ya dube ni kawai kamar mai jin barci. Na tashi a gaban uwar mijina da matan gidan duka na karɓe shi, abin da ban taɓa yi ba. Na danna babban yatsana a kan ƙafarsa, na ɗaga, wurin ya zauna rami bai taso ba. Na juya shi wajen rana na ja fatar idonsa ƙasa. Rawaya ne, ba mai yawa ba, kamar an ɗiga ruwan ɗorawa a nono.

Yadda na yi mata bayani ban iya tunawa daidai. Na san na ce ba laifinta ba ne, na faɗa na sake faɗa. Na san na ce garin ne, daga wurina ya zo, ciwo ne a cikinsa wanda wuta ba ta kashewa. Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta dubi tafin hannunta. Ba ta yi gardama ba, da ma ta yi da na samu abokin faɗa. Ta shiga ɗaki ta jawo ƙullin, saura kaɗan a gindinsa. Jikokin suka matso suna kallonsa. Na ajiye musu geron, na ƙulle sauran garin a bakin zanena don kada in juya baya yunwa ta yi musu fatawa, na juye tukunyar cikin ramin bayan gida da hannuna. Wani ƙaramin ya bi ni yana kuka har ƙofa.

Na goya yaron muka juyo. Duk ramin da babur ya faɗa sai in kai hannu baya in taɓa cikinsa in ji ko yana motsi.

Daga asibitin Jibiya aka tura mu Katsina. Suka ce hantarsa ta taɓu. Suka ce babu allurar da ke karya wannan guba, sai dai a raba shi da ita, a ƙara masa ruwa, a ba shi abinci mai kyau, a jira a ga abin da hantar za ta yi da kanta. Muka jira. Maigidana ya bar dako ya zo ya zauna a barandar asibiti. Alhaji ya zo dubiya, da aka gaya masa tushen abin ya zauna a kan benci ya rufe fuska da babbar riga. Daga baya ya sa aka haƙa rami aka binne duk tsintar da ta rage, har wasu mata suka yi fushi da ni wai na toshe musu hanyar abinci. Nonona da ya fara ƙafewa na mayar wa yaron, duk mai son yin dariyar yaye ya yi.

A hankali kumburin ya sabe, idon ya washe. Ranar da za a sallame mu na tare likitan a ƙofa na tambaye shi ko shi ke nan, ta fita daga jikinsa. Ya ce yaron ya tsallake wannan. Ya sa a yi masa rigakafin ciwon hanta, don in cutar nan ta haɗu da gubar sun fi yin ɓarna. Ya ce in kiyaye abin da yake ci duk tsawon rayuwarsa, domin irin wannan guba takan bar tabon da sai bayan shekaru masu yawa yake tashi, a wasu kuma ba ya tashi har abada. Na ce nawa fa, a wane ɓangare yake?

Ya ce, "Wannan ba ni da sani, Hajiya. Babu likitan da zai gaya miki."

Surukata ba ta ƙara karɓar yaye ba har ta rasu, ko na 'ya'yan 'ya'yanta mata. In mun je gaisuwa takan jawo shi jikinta ta yi ta shafa kansa, amma ko ruwa ya roƙa sai ta ce a kira uwarsa ta ba shi.

Yanzu ya zama mutum, yana ɗinki a cikin Jibiya, ƙannensa duk sun fi shi tsawo. Ya san labarin, yana ma tsokanata da shi, wai ni ce hukumar binciken gyaɗa ta ƙasa. Kwanan baya ya zo cin tuwon rana, ya gama, ya jingina da bango, sai na ga ya kai hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, daidai inda hanta take, yana dannawa a hankali. Na tambaye shi mene ne. Ya ce ba komai, zaman keke ne, tun safe bai miƙe ba. Na ce to, Allah ya sawwaƙe. Na kwashe kwanukan na kai bayan ɗaki, na tsuguna a gabansu, hannuna ya ƙi ɗaukar soso.